Oga ya ce kashi 60 na ma'aikatanmu sun gudu, ni kuma kullum fuskokin da na sani nake gani

Abdulhadi:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kula da ma'aikata. Ina aiki a ofishin wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, ni ke riƙe da fayil-fayil ɗin ma'aikata da rajistar zuwa aiki. Oga ya sa in fitar masa da lissafin waɗanda suka bar aiki a 2025. Mun shiga Janairu da mutum 48, mun rufe Disamba da 52, waɗanda suka tafi a tsakani mutum 30. Na haɗa 48 da 52 na raba biyu, ya ba ni 50. Na raba 30 da 50, ya fito kashi 60 cikin 100. Da oga ya gani sai ya hau faɗa, wai fiye da rabin mutanensa sun gudu, yana maganar sauke manaja. Ni kuma wallahi in na shiga wajen injina, mutanen da na tarar tun zuwana su ne dai har gobe. Lissafin ne ba daidai ba, ko me?

Sannan akwai na fashin aiki. A watan Agusta an rubuta fashi 91 a rajista, shi ma yana so in mayar masa da shi kashi cikin ɗari.

Nasiru Akanta:
Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, haka ake yi: waɗanda suka tafi, a raba da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da 100. Amma ka kwantar wa oga da hankali. Raba 60 ɗin gida 12, kashi 5 ne kacal a wata. Ai ba wani abin tashin hankali ba ne.

Hajiya Rabi:
Malam Nasiru, kashi 5 a wata da kashi 60 a shekara abu ɗaya ne, sauya masa riga kawai ka yi. In ya kai wa oga haka, ran da ogan ya gane sai ya daina yarda da duk takardar da ta fito daga teburinsa.

Abdulhadi, lissafinka bai yi kuskure ba, fassarar da oga ya yi masa ce ta kauce. Kashi 60 ɗin nan tafiya yake ƙirgawa, bai ƙirga kujerun da aka bari ba. In kujera ɗaya aka zauna aka tashi sau biyar a shekara, lissafin zai rubuta tafiya biyar, alhali sauran kujerun ba wanda ya motsa. Don haka ka yi mini abu guda. Ɗauko takardar albashin Janairun 2025, ka bi sunayen nan 48 ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini nawa ne har yanzu suke cikin takardar Disamba.

Abdulhadi:
Na duba Hajiya. Mutum 40 suna nan.

Hajiya Rabi:
To ka gani. 40 cikin 48 kashi 83 ke nan. Wannan shi ne ma'aunin zaman ma'aikata, kuma ba a kai wa mai kamfani na farkon ba tare da shi ba. Tsofaffin ma'aikata 8 ne kawai suka tafi. Sauran 22 ɗin duk mutanen da kuka ɗauka a cikin shekarar ne, suka shigo suka fita kafin shekara ta zagayo. Har adadin waɗanda kuka ɗauka ana iya fitarwa daga alkalumanka: kun fara da 48, 30 sun tafi, saura 18, amma kun rufe da 52, ashe kun ɗauki 34. Cikin 34 ɗin nan 22 sun tafi, wato kusan mutum biyu cikin kowane uku. Abin da idonka ke gani gaskiya ne, abin da takarda ta faɗa ma gaskiya ne. Tsofaffi na zaune, sababbi ne ba sa zama.

Yanzu kasa mutum 30 ɗin nan kashi-kashi: wane sashe, wata nawa ya yi, kuma ta wace ƙofa ya fita.

Sagir Ɗan Lodi:
Ni dai abin da zan ce, ku daina yanke wa mutane kuɗi don sun makara minti goma. Mutum ya taso daga Rimin Kebe ko Gayawa, ga tsadar abin hawa tun da aka cire tallafin mai a 2023, ya iso bakin ƙofa a ce an ja layi a rajista. Sannan ku zauna a ofis kuna buga kwamfuta kuna cewa kashi kaza.

Nasiru Akanta:
Sagir ba maganar makara ake yi ba. Fashi ake magana, wanda bai zo ba sam.

Sagir Ɗan Lodi:
To ai a wurare da yawa in ka makara mai gadi ya hana ka shiga, sai a rubuta maka fashi. Ka ga makarar ta koma fashi ke nan.

Hajiya Rabi:
Wannan maganar ta Sagir a riƙe ta, za mu dawo kanta in mun zo kan rajista.

Abdulhadi:
Ga abin da na samu. Tsofaffi 8: ɗaya Allah ya yi masa rasuwa, ɗaya dattijon mai gadi ne 'ya'yansa suka ce ya huta, ɗaya ta yi aure ta bi mijinta Zariya, biyu kora aka yi, uku kuma da kansu suka ajiye. Cikin ukun nan akwai ɗan lodi ɗaya, da kuma mai kula da injin tantance launin shinkafa, wanda wani kamfanin ya ɗauke mana.

Sababbi 22: mutum 17 duk daga sashen ɗinkin buhu da lodi ne, sauran 5 a warwatse suke. Sashen lodin nan gurbin mutum 12 ne. Kuma cikin 17 ɗin, 13 ba su cika wata biyu ba.

Hajiya Rabi:
Madalla. Yanzu ka samu abin kai wa oga. Sashen lodi: 17 da tsohon nan ɗaya, 18 ke nan a gurbin mutum 12, kashi 150. Kada ka tsorata don ya wuce 100, yana wucewa, saboda dalilin da na faɗa na kujera. Sauran kamfanin kuma mutum 12 cikin 38, wajen kashi 32. In ka ware mamaci da dattijo da amarya, waɗanda ba abin da manaja zai yi ya tsare su, saura 9 cikin 38, kusan kashi 24.

Ban ce ka goge su daga lissafi ba fa. A babban adadi kowa yana ciki, har mamaci, tunda shi ma sai an cike gurbinsa. Layi na biyu za ka buɗe na waɗanda suka tafi don ra'ayin kansu, domin shi ne ke nuna ko akwai abin da ke korar mutane. Waɗanda aka kora su ma layinsu daban. In sun yi yawa, tambayar ta koma kan yadda kuke ɗaukar aiki tun farko.

Abu ɗaya kuma da lissafin ba zai taɓa nuna maka ba: mai injin tantance launin nan da ya tafi, a takarda mutum ɗaya ne daidai da ɗan lodin da ya yi sati uku. Amma ka tambayi manajanku wata nawa aka yi shinkafa na fita da baƙi-baƙi kafin wanda ya gaje shi ya iya saita injin. Sunansa ya kamata ya fito a rahotonka shi kaɗai, da bayani.

Injiniya Bello:
Ina da tambaya kan 50 ɗin da aka raba da shi. Kamfanin shinkafa ai da kaka yake cika da mutane, lokacin da shanshera ke shigowa tirela-tirela. In ka ɗauki ranar farko da ranar ƙarshe ta shekara kawai, ba ka ga abin da ya faru a tsakiya ba. A wajenmu adadin ƙarshen kowane wata muke tarawa mu raba 12.

Abdulhadi:
Na dindindin ɗinmu tsakanin 47 da 53 suke yawo duk shekara, ranka ya daɗe. Amma gaskiya muna ɗaukar 'yan wucin gadi wajen 20 na wata uku in kaya sun yi yawa. Ban sa su a ko'ina ba.

Injiniya Bello:
To hakan ma ya yi, tunda ka cire su sama da ƙasa. Inda ake shiga rami shi ne a ƙirga su cikin waɗanda suka tafi, a manta da su a wajen rabawa. Da ka yi haka da 50 za ka raba da 50, ka kai wa oga kashi 100, ya kori kowa har da kai. In za a sa su, mutum 20 na wata uku daidai suke da mutum 5 na shekara, sai a raba da 55. Ni dai na fi son a ware musu takardarsu, don wanda aka ɗauka na wata uku ya tafi bayan wata uku ai bai gudu ba.

Maman Ikram:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Ni makarantar kuɗi gare ni, malamai 14. Bara 6 suka tafi, amma 3 masu bautar ƙasa ne da suka gama shekararsu. Shin nawa ne adadin da ya kamata a ce ya yi daidai? Wani ya ce mini in ya wuce kashi 10 akwai matsala.

Hajiya Rabi:
Maman Ikram, masu bautar ƙasa ki ware su kamar yadda Injiniya ya ce, daga sama da ƙasa: 3 cikin 11, kashi 27. Amma ki kula, a wajenki malami ɗaya kashi 9 ne. In bana biyu suka tafi, baɗi huɗu, za ki ga lissafi ya ninka alhali wataƙila aure ne da canjin gari. Inda mutane ba su da yawa sunaye ake karantawa da dalilai, kashi cikin ɗari ba ya faɗin komai sosai. Batun kashi 10 kuma, ba wani adadi guda da ya dace da makaranta da banki da wajen lodi gaba ɗaya. Ki gwada kanki da kanki na shekarun baya. Kuma a makaranta lokacin tafiya ya fi yawanta muhimmanci: malamin lissafi ya tafi a dogon hutu daban, ya tafi ana saura wata biyu jarrabawar WAEC daban.

Sagir Ɗan Lodi:
Malam Abdulhadi, tambaya ɗaya. Wanda ya fara aiki yau a wajenku, yaushe kuɗi ke fara shiga hannunsa?

Abdulhadi:
Ƙarshen wata. Amma ana rufe takardar albashi ran 20, wanda ya shigo bayan nan sai ƙarshen wata mai zuwa a haɗa masa.

Sagir Ɗan Lodi:
To ga amsarku nan, ba sai an buga kwamfuta ba. Mutum ya fara ran 21, sai ya yi kwana arba'in yana saɓa buhu mai kilo 50 kafin ya ga sisi. Da me zai ci abinci? Da me zai hau mota? A kasuwar Dawanau ko ta Singa in ka sauke mota ɗaya a nan take za a ƙirga buhu a ba ka naka, ka yi cefane ka koma gida. Na yi lodi shekaru, ba nauyin buhu ke korar mutum ba, kowa ya san da shi kafin ya zo.

Nasiru Akanta:
Rufe takarda ran 20 ba mugunta ba ce Sagir, sai an tantance an cire haraji an tura banki. Kuma ba mu da tabbacin shi ne dalili. Wataƙila mai kula da sashen ne ba ya da hali. Wataƙila damina ce, suka koma gona.

Hajiya Rabi:
Duka ukun na iya yiwuwa, kuma kowanne yana da sawun da yake bari. In gona ce, tafiyar za ta taru tsakanin Yuni da Yuli da kuma lokacin girbi. In jinkirin albashi ne, waɗanda suka fara bayan 20 ga wata za su fi saurin tafiya, ko kuma su daure su karɓi kuɗin farko su ɓace washegari. In mai kula da su ne, za ka ga duti ɗaya ya fi ɗaya zubar da mutane. Abdulhadi, rubuta ranar farawa da ranar tafiya da dutin kowane ɗaya cikin 17 ɗin. Amma mutum 17 ba su da yawa, abin da za ka samu alama ce ta inda za ka je ka yi tambaya, kada ka kai shi a matsayin hukunci.

Mu koma kan fashi. Kwana nawa kuke aiki a sati, kuma su wa ke cikin 91 ɗin nan?

Abdulhadi:
Litinin zuwa Asabar. A Agusta mu 50 ne daidai. Da kwana 31 zan ninka?

Injiniya Bello:
A'a, da ranakun da ake sa ran mutum ya zo kawai. Agustan 2025 na da Lahadi biyar, saura kwana 26. In kana amfani da Excel:

```
=NETWORKDAYS.INTL(DATE(2025,8,1),DATE(2025,8,31),11)
```

11 ɗin nan na ƙarshe na nufin Lahadi ce kaɗai ranar hutu. 50 sau 26 ya ba ka 1,300. Raba 91 da 1,300, kashi 7. Da ka yi da 31 da ƙasa da kashi 6 za ka samu, lissafin ya yi kyau a ido ba gaira ba dalili. Ranakun hutun gwamnati ma a cire su, haka duk ranar da kamfani ne ya rufe ko aka hana fita. Na ga inda aka rubuta wa mutane fashi a ranakun dokar hana fita ta farkon Agustan 2024 a Kano, watan ya fito da adadin da ba shi da ma'ana.

Abdulhadi:
Na bi 91 ɗin. 26 na wata ma'aikaciyar ofis ce da ke hutun haihuwa. 26 na wani makanike ne da ya yi hatsarin babur ya karye, duk watan yana gida. Saura 39, kuma 24 daga ciki sashen lodi ne.

Hajiya Rabi:
Mai jego ba ta yi fashi ba. Dokar Ƙwadago ta ba ta mako 12, hutu ne da aka san da shi, kamar hutun shekara. Cire kwanakinta daga sama da ƙasa: 65 cikin 1,274, kashi 5 da ɗan ɗoriya. Makanike kuma yana cikin lissafi, domin aikinsa ya tsaya, amma shi kaɗai ya ɗauki 26 cikin 65. Ka nuna shi a layinsa. Maganinsa asibiti da wanda zai riƙe masa aiki, ba takardar gargaɗi ga kowa da kowa ba.

Abin da ya rage shi ne gajeren fashi, 39. Mutum 36 da ba 'yan lodi ba sun yi 15 a tsakaninsu, bai kai kashi 2 ba. 'Yan lodi 12 sun yi 24 cikin kwana 312, kusan kashi 8. Ka ga lissafi biyu daban-daban sun nuna ƙofa ɗaya.

Sai dai ina da zargi. Ɗan lodi in zai tafi yana kawo takarda?

Abdulhadi:
Ina! Sai dai a wayi gari ba a gan shi ba. Mai kula da su ya yi ta rubuta fashi har sai an tabbatar. Na duba yanzu, mutum biyu ne a Agusta, ɗaya an rubuta masa kwana 6, ɗaya 5, kuma dukansu ba su dawo ba.

Hajiya Rabi:
Abin da na zata ke nan. Kwana 11 cikin 24 ɗin na mutanen da sun riga sun bar aiki ne, an ƙirga su sau biyu: a fashi da kuma a tafiya. In ta tabbata mutum bai dawo ba, ranar tafiyarsa ita ce ranar ƙarshe da ya yi aiki, sai a koma a gyara rajista. Ainihin fashin sashen 13 ne, wajen kashi 4. Har yanzu ya ninka na sauran, amma ba kamar yadda ya fara bayyana ba. Cikin 13 ɗin kuma ka tambayi mai gadi nawa ne suka zo aka mayar da su daga ƙofa, kamar yadda Sagir ya ce.

Nasiru Akanta:
A wani wuri da na yi aiki muna amfani da ma'aunin Bradford. Sau nawa mutum ya yi fashi, ka ninka shi da kansa, ka ninka da jimlar kwanakin. Wanda ya kwanta sau ɗaya na kwana 10, makinsa 10. Wanda ya yi fashin kwana ɗaiɗai sau 10, makinsa 1,000. Nan take kake gane 'yan fashin Litinin da 'yan washegarin albashi.

Maman Ikram:
Malam Nasiru ni wannan ya ba ni tsoro. Ina da malama mai sikila, ciwon kan taso mata kwana ɗaya biyu ta dawo, kuma duk makarantar ba wanda ya kai ta riƙe aji. A ma'auninka ita ce za ta fito ta ɗaya a laifi. Ga ta'aziyya, ga jinyar iyaye. Mutum ya rasa kawunsa ka ce kada ya je jana'iza?

Nasiru Akanta:
Ba kora ake yi da shi ba Hajiya, kira ake a zauna a yi magana. In ba ka da ma'auni, sai wanda manaja ya tsana kawai za a riƙa kira.

Hajiya Rabi:
Kowannenku na da gaskiya a gefensa. Ma'aunin an gina shi ne kan cewa fashin ba-zata na kwana ɗaya ya fi dagula aiki, kuma haka ne. Amma bai san dalili ba, kuma na ga inda manaja ya mayar da maki hukunci kai tsaye. Doka ta ba ma'aikaci har kwana 12 na rashin lafiya a shekara da albashinsa in likita ya tabbatar, don haka rajistar da ke da alama ɗaya tak ta "bai zo ba" ba ta isa ba. A raba: ciwo da takarda, izini, da fashi ba labari.

Kuma kada a yi murna da adadi don ya yi ƙasa. Inda ake yanke kuɗin yini biyu kan fashin yini ɗaya, za ka ga rajista fes, mutum na zazzaɓin cizon sauro yana tsaye gaban inji. Inda rajistar hannu ce kuma a bakin ƙofa, aboki na sa wa aboki hannu. Kashi 2 ɗin sauran sassanku ma, Abdulhadi, ni sai na gwada shi da takardar duti ta wajen injina kafin in yarda.

Abdulhadi:
Na jera 17 ɗin kamar yadda kika ce. Mutum 9 sun fara ne bayan 20 ga wata, kuma 8 daga cikinsu ba su cika wata biyu ba. Sauran 8 da suka fara kafin 20, biyar ne suka tafi da wuri. Watanni a warwatse suke, Yuli ne kawai ke da uku. Duti kuma ba a rubuta wa yawancinsu ba, don ana juya su. Na kai wa oga shafi ɗaya. Ya fasa maganar manaja, amma yanzu cewa yake a rushe sashen gaba ɗaya a ba ɗan kwangila, a riƙa biya kan buhu.

Nasiru Akanta:
8 cikin 9 da 5 cikin 8, da mutum biyu sun canza gefe bambancin ya ɓace. Ni har yanzu ban gamsu cewa albashin ne ba. Shawarar oga kuwa ta fi sauƙi a wajen akanta.

Injiniya Bello:
In aka ba ɗan kwangila, baɗi lissafinku zai faɗo daga 60 zuwa wajen 30 ba tare da an gyara komai ba, sunayen ne kawai suka bar takardarku. Ka rubuta wannan a ƙasan rahoton tun yanzu, don kada wani ya zo ya karɓi yabo a kai. Kuma wa zai ɗauki nauyi in buhu ya faɗo wa yaron ɗan kwangila a cikin harabarku?

Sagir Ɗan Lodi:
Ku gwada ba sabon ɗauka wani abu duk Asabar a watansa na farko, a cire a albashi. Wata uku kawai, sannan ku sake ƙirgawa. Biya kan buhu yana da daɗi ran da akwai mota, ran da babu shanshera fa?

Abdulhadi:
Zan kai masa duka biyun ran Litinin. Hajiya, in ya yarda da gwajin Sagir, daga wace rana zan fara ƙirga wa sababbin, ranar da aka ba su takarda ko ranar da suka fara saɓa buhu?

Hajiya Rabi:
Ranar da suka fara aiki. Kuma wannan karon a rubuta dutin kowa.